Na Fi Sanin Ƙafafunsa

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, bai taɓa duban tsabar idona ba. Idan yana son wani abu daga gare ni, bango yake gaya wa. Zai juya gefe ya ce, "A hwaɗa ma masu gida buta ba ta da ruwa," ni kuma in tashi in zuba. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kuma Baba ya riƙe ta da gaske, har ya wuce sa'o'insa. Ni ma an koya mini nawa rabon: in durƙusa daga nesa, in sunkuyar da kai, in yi gaisuwa, in tashi. Na haura shekara arba'in ina gaishe da ƙafafunsa. Na san farcen babban yatsansa na dama da ya tsage tun da jaki ya taka shi, na san kaushin dundunniyarsa, na san yadda yake lanƙwashe bayan takalmi ya mayar da shi silifa.

Bagobiri ne, daga wani ƙauye can bayan Maraɗi. Ya shigo Jibiya yana saurayi, ya yi dakon buhu a tashar Magama inda manyan motoci ke tsayawa kafin su ƙetare iyaka, daga baya ya samu rumfa ya zama mai awon hatsi. Bayan rasuwar mahaifiyata, da kuma lalacewar dajin da ke kewaye da mu, na kai matata da yara Katsina wurin iyayenta. Gida ya rage mu biyu, tsoho da ba ya yi mini magana da ni da ba na ɗaga masa kai. Ina koyarwa a firamare, in dawo in dafa mana abin da ya sawwaƙa, in ajiye masa a bakin ƙofa. Wani lokaci mukan wuni ba a ji komai a gidan ba sai ƙarar murfin kwano.

Sai tsufa ya fara rikita shi. Yakan tambayi bango ko uwarsa ta dawo daga rijiya, ita da ta rasu tun kafin a haife ni. Yakan ce gero ya isa noma a gida, ba a bar shi ya je ba. Wata rana da bazara na dawo daga makaranta da azahar na tarar da kokon da na rufe masa tun safe yana nan yadda na bar shi. Tabarmarsa na shimfiɗe, buta na gefe, amma babu hula, babu takalmi.

Na duba masallaci, na duba kasuwa, na je asibiti, na je wurin 'yan sanda, na kai cigiya gidan rediyo. Zuciyata ta ba ni cewa gida ya nufa, wato ƙetare, don haka na tare a Magama ina bin direbobi da 'yan kabu-kabu ɗaya bayan ɗaya. Kowa da tambaya guda: "Kana da hotonshi?" Ba ni da shi. Baba ya tsani hoto. Ko a bikin ƙannena, mai hoto na ɗaga na'ura zai ja hannun riga ya rufe fuska. Hotonsa ɗaya a duniya shi ne na katin shaida, yana ƙunshe a leda cikin aljihun gaban rigarsa, kuma da shi ya tafi. Wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, ya ce mini, ba da mugunta ba, "Malam, tsoho mai shuɗiyar riga da hula, yau kaɗai na wuce ɗari. Wanne za ni ce maka?" Na ji kamar in shaƙe shi, amma gaskiya ya faɗa.

A makaranta akwai manhajar da muke amfani da ita a waya wajen samar da hotunan koyarwa. Kana rubuta mata bayani, ta zana maka. Na sha sa ta zana mini raƙumi da kwalekwale da sassan fure. Na san ba za ta haifo mini fuskar mutumin da ba ta taɓa gani ba, amma na ce ko kama ce ta samu, ta fi hannu wofi. Da la'asar na zauna a zaure, maƙwabta na shigowa jaje, na buɗe waya zan rubuta kamannin Baba da Turanci, don shi ta fi ganewa. A nan hannuna ya tsaya. A cikin mutum dubu zan tsamo shi daga tafiyarsa kawai, amma in faɗi yadda hancinsa yake, ko tazarar idanunsa, sai na tarar ba ni da komai sai gilmawa. Gefen kunci da na hango yana alwala, inuwar gemu a bango. Na ji wani irin maraici da ban ji ba ko ranar da aka binne mahaifiyata.

Na tambayi dattawan da ke zaune. Suka yi ta ba ni abin da suke da shi.

"Mutum ne mai kwarjini."

"Kyakkyawan dattijo, ma sha Allah. Ga kamala."

Na ce, "Baƙi ne dai sosai, ko? Haka zan rubuta?"

Maƙwabcinmu na jikin katanga, wanda suke sahu ɗaya da Baba a masallaci, ya yi gyaran murya. "Haba malam. Mahaihinka ne hwa. Ai ba ya da duhu can-can."

Sauran suka gyaɗa kai. Ban ga laifinsu ba a lokacin. A wurinmu ba ka ce wa babba baƙi ƙirin, ko mai faɗin hanci, sai in faɗa ake. Idan ana siffanta mutumin kirki, musamman wanda ake fargabar ko ya riga mu gidan gaskiya, sai a yi ta sassauta masa kamanni kamar ana yi masa alfarma. Don haka na tsallake launin fata gaba ɗaya. Na rubuta: kyakkyawan dattijo Musulmi mai kwarjini, da farin gemu, da shuɗiyar riga.

Abin da ya fito wani farin tsoho ne mai dogon hanci siriri, da gemu mai santsi har ƙirji, da rawani. Baba bai taɓa naɗa rawani ba. Na ƙara cewa ɗan Afirka ne, daga ƙauye. Sai ta juya ta ba ni wani ramamme cikin tsumma, da sarƙar duwatsu a wuya, a gaban bukka, ƙasa duk ta tsattsage a bayansa. Raina ya ɓaci. Mutumin da ya yi shekaru yana awo a kasuwar Jibiya, riga a wanke kullum, shi ne za a mayar haka? Na koma kan na farkon, na ce ta cire rawani ta ɗan ƙara masa duhu. Ta ƙara kaɗan, ya zama wankan tarwaɗa, hancin na nan yadda yake. Dattawa suka karɓi wayar suna miƙa wa juna. Ɗaya ya ce, "Ai kuwa da kama." Wani ya ce, "Har ya hi shi kyau." Na ji wannan maganar, kuma ya kamata ta tsayar da ni, amma na gaji, ga shi ina son in yarda. Na kai shago aka buga, na manna a jikin rumfunan Magama, na raba wa direbobi.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum bayan an tashi makaranta sai in hau babur in je bakin iyaka in zauna a benci kusa da masu sayar da fetur a kwalba, ina kallon motocin hatsi da na shanu suna jiran 'yan kwastan. Direbobi sukan ɗago mini hannu su girgiza kai. Wasu suka fara kauce mini, don babu mai son kullum ya zama shi ne mai cewa babu labari. In koma gida kafin magariba, in tarar da tabarmar. Ban naɗe ta ba. Har buta nakan cika, ba don komai ba sai don hannuna ya saba. A da ina ganin gidan nan ba a magana a cikinsa, sai da ya tafi na gane ashe shirun mutum biyu daban yake da shirun mutum ɗaya. Abin da ya fi cin raina shi ne tunanin dajin. Tsoho da ba ya tuna hanya, ga zafin bazara, ga miyagun da ke ciki.

Wata ranar kasuwa ina zaune a bencin sai na ji murya a kaina.

"Kai ɗan baƙin nan! Wane ne wanga Balarabe da ka manna ma bango?"

Gwaggo ce, taubashiyar Baba, 'yar ƙanwar mahaifinsa. Tana zaune a ƙetare, takan shigo da daddawa da kuka ranar kasuwa. Tsakanin taubasai akwai wasa, kuma su biyun sun mayar da shi sana'a. Duk duniya ita kaɗai ke tsayawa a gaban Baba ta dube shi ido cikin ido ta zazzage masa, shi kuma, mutumin da ba ya dariya, ya yi ta ƙyaƙyatawa har hula ta karkace. "Bawana" take ce masa. Ta ji labarin ɓatansa, ta baza nata neman a ƙauyukansu, amma sai ranar ta ga takardar. Ta ɓamɓaro ta daga bango tana kaɗa mini a fuska.

"In wanga ne bawana, ai da tuni na aure shi. Wa ya ba ka wanga?"

Na yi mata bayani. Na ce dattawan unguwa sun ce da kama.

"Dattawan unguwa! Su da ke jin kunyar hwaɗin gaskiya ko a gaban alƙali. Mutane na can suna neman hwarin Alhaji, shi ko baƙin bawana ƙila shina zaune gabansu. Tashi mu tahi inuwa. Ni zan hwaɗa ma abin naka yadda yake."

Muka koma ƙarƙashin wata bishiyar bedi bayan rumfar mai shayi. Ta ajiye ƙwaryarta ta fara. Baƙi kamar gindin tukunya. Hanci kamar an taka kwaɗo. Leɓe ya isa a yi shanya a kai. Ni kuma da ɗokina, na ce ga wadda ba ta rufa-rufa, na juya kusan duk abin da ta faɗa na tura. Wasu kalmomin manhajar ta ƙi karɓa, sai da na sassauta. Abin da ta zano, har yau ba na son tunawa. Fata toka-toka ba rai, hanci da baki an kumbura su fiye da na kowane ɗan Adam, irin zanen da ake yi don a yi wa baƙar fata dariya. Na miƙa wa Gwaggo.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta turo mini wayar.

"Share shi," ta ce. "Share shi yanzun nan. Ni wasa nike mishi. Ba haka yake ba."

Na goge. Ta ja gefen gyale ta share ido. Da ta sake magana, muryarta ta sauka, irin wadda ban taɓa jin ta da ita ba.

"Tun muna yara nike kallon huskar nan ina neman abin zagi. Ba inda ban sani ba. Miƙo hannunka."

Ta kama hannuna ta juya bayansa zuwa haske. Ta ce launinsa kenan, nawa sak, sai dai goshinsa da saman kumatunsa sun fi duhu saboda ranar kasuwa, kuma akwai wani zobe mai ɗan haske a saman goshi inda hula ke zama. Ta ce in duba da kyau, ba baƙi ba ne irin na gawayi, ruwan ƙasa ne mai zurfi ƙwarai, kuma in rana ta buge shi akwai ja-ja a ƙarƙashi. Na duba hannuna. Na haura shekara arba'in da wannan fata, ban taɓa lura da jan ba. Na rubuta haka: ruwan ƙasa mai duhu ƙwarai, mai ɗumin ja a ƙasa, goshi ya fi kunci duhu.

Haka muka bi fuskar gaɓa-gaɓa. Gashinsa ba mai tsawo ba, murɗaɗɗe ƙanana-ƙanana a manne da fatar kai, furfura ta fi yawa a gefen kunne. Gemu a haɓa kawai, tsilli-tsilli, shi ma a murɗe, ba ya sauka. Hanci mai faɗi daga ƙasa, karansa a kwance, bakinsa a dunƙule. Leɓen ƙasa cikakke, na sama bai kai shi ba. Idanu a ciki, farinsu ya yi ja, da zoben tsufa a kewayen baƙin. Tabon sujada a tsakiyar goshi. Kunnen hagu da ɗan gutsure a sama, wanda ta ce ita ce ta jefe shi da kara suna yara, kuma ba ta yi nadama ba.

Aikin bai zo da sauƙi ba, kuma a nan na koyi halin abin. Duk inda ka bari ba ka faɗa ba, ba ta barinsa fili, tana cikewa da abin da ta fi gani a tarin hotunan da aka horar da ita da su. A cikin tarin nan, da alama, kalmar kyau da kwarjini sun fi tafiya da farar fata da siririn hanci, kalmar Afirka da ƙauye kuma da tsumma da bukka. Don haka na cire kyakkyawa, na cire kwarjini, na cire ƙauye, na bar abin da ido ke gani kawai. Na gwada rubuta cewa kada ta yi shi fari, bai hana komai ba, wani zubin ma sai ya ƙara haske, kamar ambaton kalmar kaɗai ya ishe ta. Abin da ya yi aiki shi ne faɗin abin da yake, ba abin da ba shi ba. Haske ma sai da na faɗa, na ce hasken rana a cikin inuwa, don in na yi shiru sai ta haske shi da fitilar ɗakin hoto fatar ta koɗe. Sannan duk lokacin da na ce ta gyara kunne ko hula a kan hoton da ya fito, sai launin ya ɗan ja baya, hancin ya ɗan tsuke. Gwaggo ce ke kamawa. "Ga shi nan ta sake wanke shi. Mi baƙi ya tare mata?" Dole kowane gyara in maimaita launin da siffar hancin, in abin ya yi nisa in soma daga farko.

Zanen fuska ne ya gagara. Baba na da zanen Gobirawa, siraran layuka da suka taso daga gefen baki suka bazu zuwa kunne, waɗanda tsufa ya lafar da su har sun kusa sajewa da tamoji. Manhajar ba ta san su ba. Ta yi masa manyan tabo masu tudu kamar wanda aka sara, ta yi masa fenti fari a kumatu, a wani ma ta dawo da sarƙar wuyan nan. Daga ƙarshe na cire maganar zane daga bayanin. Muka tsaya a kan hoton da Gwaggo ta yi wa kallo mai tsawo ta ce, "Ba shi ba ne. Amma ɗan ɗakinsu ne." Na kai shago aka buga da kala, don na ga yadda injin kwafi ke mayar da baƙar fuska dunƙulen tawada. Na ɗauki fensir, tana riƙe da wuyan hannuna tana ja, muka zana layukan da kanmu, siriri, ba dannawa. A ƙasa na rubuta cewa wannan zane ne mai kama da shi, ba hotonsa ba, kuma farcen babban yatsansa na dama a tsage yake. Wannan kaɗai ne abin da na ƙara daga sanina.

Na ɗauki hoton takardar da waya, wani shugaban direbobi ya tura a zauren hirarsu na waya. Na bi rumfuna ina ciccire farin Alhajin. A wani wuri har an yi masa gashin baki da biro, ban ji haushi ba.

Ba a jima ba, wata safiya ina cikin aji, waya ta yi ƙara. Direban kamyon nan ne da na so in shaƙe.

"Malam, wanga tsoho ai na san shi. Shina Ɗan Isa, bayan duwan, ohishin kwastan na can, wajen wani mai shayi. Na sha shayi kusa da shi ya hi a ƙirga, takardarka ta hwarko tana cikin motata. Wallahi ko kusa ban kawo shi ne ba."

Ɗan Isa ita ce garin farko in ka ƙetare. Duk kwanakin nan da nake zaune a benci, yana can, tafiyar da babur ke yi kafin shayi ya huce. Na bar aji a hannun abokin aikina, na hau babur, na nuna kati a shingen namu da na jandarma, jami'an tsaron ƙetare, ban ma san me na ce musu ba.

Ƙafafun na fara gani. Yana zaune a kan buhu a gefen teburin mai shayi, takalmi ɗaya ya tsinke an ɗaure da leda, farcen nan a tsage. Mai shayin ya ce wata motar hatsi ce ta sauke shi, ya kasa faɗin sunan ƙauyensu, katin ma babu shi a aljihun, sai ya bar shi yana kwana a rumfa yana ba shi abin da ya samu. Na durƙusa kamar kullum, na sunkuyar da kai, na yi gaisuwa.

Ya amsa. Ba bango ya amsa wa ba, ni ya amsa wa.

"Lahiya lau, samari. Daga ina?"

Na ɗago. Yana kallona kai tsaye, da fara'a, irin kallon da ake yi wa baƙo. Bai gane ni ba. A karo na farko a rayuwata na ga fuskar mahaifina gaba da gaba, kuma duk abin da Gwaggo ta faɗa yana nan: jan da ke ƙarƙashin duhun, zoben hula, gutsuren kunne, siraran layukan da muka ja da fensir. Ya rame. Na ce daga Jibiya nake.

"Jibiya! Ina da ɗa can. Malamin makaranta ne." Sai ya faɗi sunana. Ya faɗe shi cikakke, a fili, a gaban mai shayi da masu cin burodi. Ban taɓa jin yadda yake fita a bakinsa ba. "Ƙila ka san shi. Baƙi ne awa ni, amma hancin na uwarshi ne. Girarshi ta hagu ta hi ta dama tashi, in ranshi ya ɓaci sai ta ƙara. Akwai ɗan tabo nan ƙarƙashin haɓa, ya hwaɗi bisa turmi shina rarrahe. Shina da zuciya, amma yaron kirki ne. Bai taɓa barin butata ba ruwa."

Na kai hannu ƙarƙashin haɓata. Tabon na nan, gemu ya rufe shi tun ina saurayi. Ban san lokacin da yake kallona ba. Hawaye kawai ke zubo mini, shi kuma ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri, yana tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Na ce zan kai shi wurin ɗan nasa. Ya yarda ba musu. Na yi wa mai shayi godiyar da na iya, na ɗora Baba a bayan babur, ya riƙe ƙuguna da hannu biyu. Duk hanya yana ba ni labari a kunne, na gero, na uwarsa, na wata ja'irar taubashiyarsa da ta gutsure masa kunne. Na rage gudu. Na rage har 'yan kabu-kabu na wuce mu suna yi mini hon, don ban so hanyar ta ƙare ba.

Muna wuce shingen Magama, rumfunan da ya yi dako a cikinsu suka bayyana, sai labarin ya tsaya. Na ji hannuwansa sun saki ƙuguna a hankali, sun koma sun kama ƙarfen baya. A ƙofar gida ya sauka da kansa, ya shiga, ya zauna a kan tabarmar da ban naɗe ba. Na durƙusa a inda na saba. Ya juya fuskarsa ga bango.

"A hwaɗa ma masu gida an gode," ya ce.

Na sunkuyar da kai na amsa wa ƙafafunsa, na tashi na ɗora ruwan wanka.